Mutanen Littattafanmu Ba Su Da Ciki

 Yau da tsokana na zo, kuma na san akwai waɗanda ba za ta yi wa daɗi ba. Maganata ita ce, yawancin mutanen da muke ƙirƙira a labaranmu ba su da ciki. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma taurarinmu duk abin da ya ɗarsu a zuciyarsu sai ya faɗo ta bakinsu, ɗanye, ko gishiri babu. Miji zai zauna gaban matarsa ya ce, "Ina jin tsoron ki gane cewa na daina son ki." Ita kuma ta amsa, "Ni ma ina kishi sosai, kuma ina jin ƙasƙanci saboda ban haihu ba." Don Allah a wane gida ake magana haka? Wannan ai ba hira ba ce, takardar koke ce aka raba wa mutum biyu kowa ya karanta nasa layin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu ne al'ummar da ta fi kowa cancantar ƙwarewa a wannan fanni. Harshenmu cike yake da sunayen hanyoyin faɗar magana ba tare da an faɗe ta ba. Muna da habaici, muna da gugar zana, muna da shaguɓe, muna da hannunka mai sanda, muna da jirwaye mai kamar wanka. Muna da kunya, wadda take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, take hana mace kiran sunan mijinta, take sa suruki ya sunkuyar da kai gaban surukinsa. Muna da kara, wadda take sa a ce maka "bismillah" alhali tuwon ba zai ishi mai shi ba, kai kuma ka ce "alhamdu lillahi" alhali cikinka na kiran ciroma. Mutumin da ya zo karɓar bashi sai ya gaisa, ya tambayi iyali, ya yi zancen tsadar masara da kuɗin makarantar yara, wanda ake bi kuma ya gane tun daga sallama. Kullum a cikin wannan muke kwana muke tashi. Amma da zarar mun ɗauki waya za mu yi rubutu, sai mu zubar da shi duka, mu ƙirƙiro wasu mutane masu sunan Hausawa da bakin da ba na Hausawa ba.

Ba mu kaɗai muka san wannan sirri ba. Marubucin nan na Amurka, Ernest Hemingway, yana da wani gajeren labari da ya fito a 1927 mai suna Hills Like White Elephants. Namiji da mace ne zaune a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa a Sifen, suna jiran jirgi, suna shan abin sha, suna zancen tsaunukan da suke hangowa. Shi yana so ta zubar da cikin da take ɗauke da shi, ita kuma zuciyarta ba ta kwanta ba. Daga farkon labarin har ƙarshensa ba a ambaci kalmar zubar da ciki ko sau ɗaya ba, iyakarsa dai ya ce ɗan ƙaramin aiki ne za a yi mata. Yau kusan shekara ɗari ke nan ana karanta labarin ana koyar da shi. Na kawo shi ne don a san cewa abin da kakanninmu suke yi a tsakar gida, wasu sun mayar da shi sana'a har duniya ta san su da shi.

To, bari mu bar surutu mu ɗauki fage guda mu yi aiki a kansa, fagen da kusan kowa a cikinmu ya taɓa rubutawa ko zai rubuta: yarinya ta yi yaji ta dawo gidan iyayenta.

Ga yadda aka saba rubuta shi. Rabi ta shigo da kuka ta faɗa jikin Inna ta ce, "Inna na gaji, ya doke ni, wallahi ba zan koma ba, sai ya sake ni." Inna ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, ina tausayinki, amma ina tsoron mahaifinki da surutun mutane, ga bikin ƙanwarki ya kusa, dole ki koma." Daga nan sai a shiga ja-in-ja, "ba zan koma ba", "sai kin koma", har shafi uku. Murya tana ta tashi, hawaye yana ta zuba, amma babu abin da ya motsa. Tun a layi na biyu mai karatu ya riga ya san komai, sauran duk maimaici ne. Marubucin yana ganin ya rubuta rikici mai zafi saboda an yi ihu. Ihu daban, rikici daban.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta irin wannan fage, akwai tambayoyi uku da ya kamata ka amsa wa kanka a gefen takarda.

Ta farko, me kowannensu yake so ɗayan ya yi masa yanzu, a wannan zaman? A lura, na ce ya yi masa. "Tana son kwanciyar hankali" ba amsa ba ce, domin ba abin da za a iya gani an bayar ko an hana ba ne. Rabi tana so Inna ta bar ta ta kwana a gidan yau. Inna kuma tana so Rabi ta koma ɗakinta kafin Malam ya dawo daga sallar magariba, domin saura sati uku bikin ƙanwarta, kuma ta san halin Malam. Buƙatun nan biyu ba za su taɓa biya tare ba, dole ɗaya ta faɗi. Nan rikicin yake, ko da kuwa ba wanda ya ɗaga murya. Ga kuma agogo yana tafiya, domin magariba ba ta jiran kowa.

Ta biyu, me ya hana kowannensu faɗar abin da yake so kai tsaye? Wannan ita ce tambayar da muke tsallakewa, kuma idan babu amsarta, duk ɓoye-ɓoyen da za ka yi zai zama yanga kawai. Rabi 'yar fari ce, Inna ko sunanta ba ta faɗa, ba su saba zama su buɗe wa juna ciki ba. Bayan haka Rabi ta san cewa in ta furta "ya doke ni", magana ta fita, zarar bunu ce, sai ta kai ga Malam, daga nan ta kai ga manya, wataƙila har gaban alƙali, ita kuma ba ta gama yanke shawarar ko rabuwar take so ba. Inna ita ma ba za ta iya cewa "tashi ki tafi" ba, domin uwa ce, kuma idan ta tambayi abin da ya faru aka gaya mata, ba ta da sauran damar yin kamar ba ta sani ba. Kowacce tana da asarar da za ta yi idan ta yi magana a fili.

Ta uku, tunda ba za su yi zancen ainihin abin ba, zancen me za su yi? Nemo wani ƙaramin abu da ke gabansu, wanda za a iya taɓawa da hannu, ka ɗora masa nauyin rigimar. A nan na zaɓi abu uku: shinkafar da Inna take aunawa ta abincin dare, jakar da Rabi ta ajiye a bakin ƙofa, da hijabin da ke jikinta. Yawan gwangwanin da aka auna shi zai nuna ko akwai bakin da ya ƙaru a gidan yau.

Ga fagen:

Inna tana tsakar gida da buhun shinkafa a gabanta lokacin da Rabi ta yi sallama. Ta amsa, ta dubi goyon da ke bayanta, ta dubi jakar, sannan ta mayar da idonta kan gwangwani.

"Lale da angona. Yau kai da kaya haka, ko Makka za ka?"

Rabi ta jingine jakar a bakin ƙofar ɗaki, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau."

"Ya san kin fito dai ko?"

"Kawo in auna miki, Inna."

"Bar shi, na kusa. Shida ne dama, kamar kullum." Ta juye na huɗu a roba. "Yanzu motar unguwarku wuya take da yamma. In mutum bai fita kafin magariba ba, sai ya yi ta tsayuwa a titi."

"Shida za ta isa kuwa? Na ga yaran nan sun girma."

"Tana isa. Har ta yi saura." Na biyar ya shiga roba. "Malam ma yau da wuri zai shigo, masu kawo kayan ƙanwarki za su turo a yi magana."

Rabi ta kwance goyon ta zaunar da yaron a tabarma. Rana ta yi sanyi amma ƙasa tana ta huci, kajin gidan duk sun buɗe baki a gindin randa.

"Ke, cire hijabin nan mana, ki sha iska."

"Sanyi nake ji."

Inna ta ɗago ta dube ta, karo na farko tun shigowarta. Yaron ya rarrafa zai kifar da robar, Rabi ta kai hannu da sauri ta tare shi, hijabin ya zame har gwiwar hannu. Ta yi maza ta ja shi ta rufe.

Inna ta juye na shida. Ta daɗe riƙe da gwangwanin. Sannan ta sake tura shi cikin buhu, ta cika, ta juye. Ta ƙara wani.

"Shigar da jakar nan ciki, kada kaji su ɓata ta."

Shi ke nan fagen. Yanzu mu duba abin da ya faru. Ba a ambaci yaji ba, ba a ambaci duka ba, ba a ambaci saki ba, amma akwai wanda ya karanta bai gane ba? Kowane layi a nan yunƙuri ne, wani yana turawa, wani yana karewa. Inna ta fara da wasan jika, domin ta bakin jikan ne kaɗai za ta iya tambayar jakar ba tare da ta tambayi mai jakar ba. Da ta ce "ya san kin fito dai ko?", Rabi ba ta amsa ba, sai ta nemi a ba ta gwangwani. Rashin amsar nan shi ne amsa, kuma neman gwangwanin ma roƙo ne, domin mai auna abincin gida ɗan gida ne. Inna ta hana, ta kawo zancen mota. Rabi ta sake gwadawa ta hanyar yara sun girma. Inna ta toshe da "har ta yi saura", sannan ta zaro babban makaminta, wato Malam da bikin ƙanwa. A lura, ba wadda ta maimaita dabara ɗaya sau biyu. Idan wannan ƙofa ta rufe sai a gwada waccan. Wannan ne bambancinsa da "ba zan koma ba, sai kin koma" na shafi uku.

Sannan fagen ya juya. An fara da gwangwani shida da jaka a waje, an ƙare da takwas da jaka a ciki. Abin da ya juya shi ba jawabi ba ne, hannu ne da ya bayyana na ɗan lokaci kaɗan. Ban ma faɗi abin da Inna ta gani a hannun ba, mai karatu ya gani da kansa, kuma wanda ya hango a zuciyarsa ya fi wanda zan zayyana masa ciwo. Inna ta sha kaye a buƙatarta, kuma ta san abin da ke jiranta in Malam ya shigo, amma ko a nan ba ta bar kunyarta ba, sai ta fake da kaji. Da na sa ta rungume Rabi tana cewa "'yata ba za ki koma ba", da na kashe matar da na gina tun daga layin farko.

Yanzu bari in zo kan wata ɗabi'a da nake ganin ta fi waccan muni, domin ita kama da gwaninta take yi. Wasunmu sun ji an ce kada tauraro ya faɗi komai, sai suka koma satar hanya. Inna za ta ce, "Yanzu motar unguwarku wuya take da yamma," sai marubuci ya biyo baya da gudu: ta faɗi haka ne don tana so Rabi ta tafi, a ranta kuwa cewa take, wayyo 'yata, ina ma zan iya riƙe ki. To me aka yi ke nan? An rufe ƙofa an buɗe taga. Wannan "a ranta ta ce" da "a zuciyarsa kuwa" da muke liƙa wa kowane layi, daidai yake da mutumin da ya ba ka kacici-kacici ya faɗi amsar kafin ka buɗe baki. Ban ce haramun ne a shiga zuciyar tauraro ba, ƙagaggen labari yana da wannan dama wadda wasan kwaikwayo na dandamali ba shi da ita. Amma in za ka shiga, shiga zuciyar mutum ɗaya a fagen, ka bar ɗayan a rufe, kuma abin da za ka ɗauko daga can ya zama sabon abu, kada ya zama fassarar layin da aka gama faɗa yanzu.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Za a ce masu karatunmu ba za su gane ba, su a warware suke son abu. Wannan raini ne, kuma ba gaskiya ba ne. Matar da take karanta littafinka a waya, ita ce wadda kishiyarta za ta yi wa kaza faɗa a tsakar gida ta gane da ita ake. Ita ce take gane fushin uwar miji daga yadda aka amsa gaisuwa. Mutumin da yake warware habaici tun yana yaro ba zai kasa gane gwangwani takwas ba. In mai karatu ya ɓata, duba aikinka, galibi ba ka ba shi mabuɗi ba ne. Sirrin shi ne, abin da taurari suke ɓoye wa juna, kada kai ka ɓoye wa mai karatu. A fagen da ke sama, jakar kaya da goyo da yammacin da aka zo sun isa su gaya masa cewa ba ziyara ba ce. Da na cire jakar, da duk hirar ta koma zancen shinkafa na gaske. Idan kuma a babin baya ka riga ka nuna daren da abin ya faru a gidan mijin, to "sanyi nake ji" zai soki mai karatu tun kafin Inna ta ɗago kai.

Za a kuma ce, ai kullum sai na saki shafi, masu bibiya suna jira, wannan salon gajarta labari yake yi. Gaskiya ne yana gajarta fage, amma yana tsawaita labari. Idan Rabi da Inna suka zazzage komai a zama ɗaya, me ya rage na gobe? Shi ya sa ake ganin marubuci ya kai tsakiyar littafi ya rasa abin faɗa, sai ya jawo haɗarin mota, ko aljani, ko wata tsohuwar budurwa daga Dubai. A fagenmu kuwa har yanzu ba a furta maganar ba, Malam yana hanya, Rabi ba ta yanke shawara ba. Mai karatu zai dawo gobe saboda abin da ba a faɗa ba tukuna. Masu shiga gasar gajerun labarai kuma, irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, inda labari ba ya wuce kalma 1,500, su ne ma suka fi buƙatar wannan, domin ba su da filin jawabin shafi uku.

Amma kada a ɗauka ina cewa kowace magana sai an lulluɓe ta. Wannan ma cuta ce. Akwai wanda in ya koyi dabarar sai kowa a littafinsa ya koma magana da karin magana, har yaro ɗan shekara bakwai da mai sayar da kati. Mutum yana ɓoye magana ne idan faɗarta za ta ja masa asara. In babu asara, bar shi ya ce a miƙo masa ruwa kawai. Dangantaka ma tana da hukunci, abin da Rabi ba za ta gaya wa Inna ba, tana iya zazzage wa ƙawarta ko ƙanwar mahaifiyarta a zama ɗaya. Sannan maganar fili tana da ranarta. Idan Inna ta yi babi goma tana fakewa da kaji da gwangwani, ranar da za ta tsaya gaban Malam ta ce "ba za ta koma ba", kalmomin nan za su girgiza gidan, saboda mun san tsadarsu a bakinta. In kuwa tun babi na ɗaya take irin wannan furuci, ranar babu abin da zai girgiza.

Ga gwajin da za ka yi wa duk fagen mutum biyu da ka rubuta. A gefen kowane layin hira, rubuta da kalma ɗaya ko biyu abin da mai maganar yake ƙoƙarin yi wa ɗan uwansa: korarta, roƙonta, kauce mata, tsorata ta, lallashinta. In ka tarar abin da ka rubuta a gefe daidai yake da abin da ke cikin layin, kamar layin ya ce "ina roƙonki" gefen ma ya ce roƙo, to layin ba shi da ciki. In ka tarar kalma ɗaya ce take ta maimaituwa daga sama har ƙasa, fagen a tsaye yake. In kuma ka kasa rubuta komai a gefen wani layi, goge shi, cika shafi ne. Bayan haka ka ba wani ya karanta ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi me kowannensu yake so, kuma wa ya samu. In ya amsa daidai alhali ba wanda ya furta a cikin fagen, aiki ya yi kyau. In ya kasa, ƙara masa mabuɗi kafin hirar ta fara, kada ka cusa bayanin a bakin taurari.

Aikin wannan mako ga mai so: a rubuta fagen da ya biyo baya, Malam ya shigo bayan magariba ya ga jaka a ɗaki, shi da Inna kaɗai. Kada ya wuce kalma 300, kada a ambaci yaji, duka ko saki, kuma kada in ga "a ransa ya ce" ko sau ɗaya. Wanda yake ganin ban yi daidai ba, ga fili ga mai doki, ya kawo nasa fagen da aka faɗi komai a fili mu jera su mu gani. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.